Tambayoyi da amsoshi: abinda zaka duba a cat da likwiditi kafin ka sayi sabon ƙaramin koyin

Waɗannan tambayoyi ne da ƙannena da abokai 'yan kirifto suke yawan yi min, musamman waɗanda suka shigo harkar ta hanyar dangwalen Notcoin da Hamster Kombat a 2024, daga nan suka koma sayen ƙananan koyin a Solana da BSC. Na tattara su wuri ɗaya ne saboda abu guda nake ta maimaitawa kullum: lambar da kake gani a walet ɗinka ba kuɗi bace tukuna, kuɗin gaskiya shine wanda yake cikin ful, wato asusun da ake saye da sayar da koyin ɗin daga cikinsa, kuma shi ne zaka fara dubawa kafin komai.

Yaya, an turo min koyin a guruf ance zai yi sau 100. Me zan fara yi?

Kar ka nemi koyin ɗin da sunansa. Suna da hoto kowa zai iya kwafa, cikin minti biyu mutum zai ƙirƙiri koyin mai suna iri ɗaya sak da wanda ake magana a kai. Ka nemi adireshin kwantiragin, wannan doguwar lambar mai haruffa, ka liƙa ta a DexScreener, shafin da ke nuna cat, wato zanen hawa da saukar farashin koyin. In ya buɗe, kar idonka ya tafi kan koren kyandir tukuna. Ka duba gefe inda aka rubuta Liquidity, da MKT CAP, da FDV wato darajar duka koyin ɗin har da wanda bai shigo kasuwa ba, sannan ka sauka ƙasa ka ga Pair created, wato tun yaushe aka buɗe kasuwar. Koyin da aka buɗe awa uku da suka wuce ba shi da tarihin da zaka karanta, duk wanda yace maka ya ga safot da razistans a cat ɗin awa uku zane kawai yake yi.

Wai menene likwiditi ɗin nan da kake ta nanatawa?

Ka ɗauki ɗan canji a Wapa. Yana zaune da jaka biyu, ɗaya dala ɗaya naira. In ka kawo naira ya baka dala, in ka kawo dala ya baka naira. To a Raydium ko PancakeSwap ko Uniswap babu mutum a zaune, akwai ful ne, shima jaka biyu gareshi, ɗaya cike da sabon koyin ɗin, ɗaya kuma da kuɗi mai daraja kamar SOL ko BNB ko USDT. Duk wanda ya saya ya zuba SOL ya ɗebi koyin, duk wanda ya sayar ya zuba koyin ya ɗebi SOL. Farashin kuma ba wani ne yake yankawa ba, lissafi ne tsakanin jakunkunan biyu, a ful na gama-gari ƙa'idar ita ce:

```
x * y = k
```

Wato in ka ninka abinda ke jaka ta farko da na ta biyu dole amsar ta zauna yadda take. Shi yasa duk lokacin da aka ɗebi koyin farashi yake hawa, in aka dawo dashi ya sauka.

Abinda mutane da yawa basu sani ba shine, in DexScreener ya nuna maka Liquidity $40K, ba wai akwai dala 40,000 da za'a iya ɗiba bane. Rabi ne. Dala 20,000 na SOL, sauran 20,000 ɗin kuma koyin ɗin ne da kansa aka yi masa kuɗi da farashin yanzu. To duk masu riƙe da wannan koyin a duniya, in yau suka ce zasu fita, dala 20,000 ɗin nan ce zasu raba, kuma ko ita ba zata fito duka ba.

To amma maket kaf ɗinsa dala 800,000 ne, ba wannan ne kuɗin da ke ciki ba?

A'a ɗan'uwa, kuma nan ne ake cin mutane. Maket kaf farashin ƙarshe ne aka ninka da yawan koyin, shikenan. Kamar ace mutum yana da buhun masara dubu, aka sayi mudu ɗaya da tsada, sai ya zauna ya yi wa duk buhunan kuɗi da wannan farashin alhali babu mai saye a ƙasa.

Bari mu zauna da wannan misalin sosai, domin in ka gane shi ka gane rabin harkar. Koyin ne mai maket kaf dala 800,000, likwiditi dala 40,000, wato 20,000 a kowace jaka.

Ka shigo da dala 100. Ful ɗin ko gezau, zaka samu koyin kusan na dala 99 da rabi kafin a cire kuɗin ciniki, wanda a ful na gama-gari na Raydium da PancakeSwap 0.25% ne. Babu matsala.

Ka shigo da dala 1,000. Yanzu jakar SOL ta tashi daga 20,000 zuwa 21,000, koyin ɗin da zaka samu na kusan dala 952 ne a tsohon farashi, kuma kai kaɗai ka ɗaga farashin da kusan 10%. Kana buɗe walet zaka ga ta rubuta maka kusan dala 1,050, sai ranka ya yi fari kace ai har na fara cin riba. Ba riba bace, inuwar kuɗinka ce, kana dannan sayarwa zata koma ƙasa da 1,000.

Yanzu ga wani mutum yana riƙe da 5% na duk koyin ɗin, walet ɗinsa na nuna masa dala 40,000. In ya jibge shi gaba ɗaya abinda zai fita dashi kusan dala 13,300 ne, farashin kuma zai faɗi da kusan 89% a kyandir ɗaya. Mutum ɗaya fa, kashi 5 kacal. Shi yasa nake cewa ka riƙa kwatanta abinda manyan masu riƙo suke dashi da jakar SOL, ba da maket kaf ba.

Ta yaya ake iya ɗaga koyin sau 10 in ba da kuɗi mai yawa ba?

Da arha ma kuwa. A irin wannan ful ɗin, kafin farashi ya ninka sau 10 jakar SOL sau 3 da ɗan ɗoriya kawai take buƙatar ninkawa. Wato daga dala 20,000 zuwa kusan 63,000. Kaga kenan dala 43,000 ta sabon kuɗi ta isa ta kai maket kaf daga 800,000 zuwa miliyan 8. Masu famfin sun san wannan lissafin sarai. Su ne zasu fara zuba ɗan kaɗan su ja kyandir uku huɗu masu tsawo, sauran kuma ku ne zaku cika musu da kuɗinku bayan kun ga sikirinshot a Telegram da X.

A wannan lokacin mutumin nan mai 5% walet ɗinsa tana nuna dala 400,000. Ya sayar duka, ya fita da kusan dala 54,600, farashi ya zube da kusan 98% daga sama. Ka duba da kyau, ɗazu da ya sayar 13,300 zai samu, yanzu ya samu 54,600. Bambancin nan kuɗin waɗanda suka shigo suna murna ne. Wannan shine famfin da damfin gaba ɗayansa, ba'a ɗaga farashin don komai ba sai don a cika jakar SOL kafin a kwashe.

Nawa ne likwiditin da ya isa a shiga?

Ya danganta da kuɗin da zaka saka. Ƙa'idar da ni nake bi, bana saka abinda ya wuce 1% na jakar kuɗin gaskiya. Ful mai Liquidity $40K, dala 200 ce iyakata. Sannan nakan raba likwiditi da maket kaf, in ya gaza 5% jikina yakan yi sanyi, in ya gaza 2% bana tsayawa dogon nazari. Wannan ba dokar kowa bace, abinda ya zauna min ne.

Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka buɗe Jupiter ko PancakeSwap ka rubuta adadin da kake son saye ba tare da ka danna komai ba, ka karanta Price Impact, wato kashi nawa cinikinka zai motsa farashi. Sai ka juya, ka rubuta kamar zaka sayar da ninki biyar na wannan koyin ɗin, ka sake karantawa. Dalili kuwa, kowa tunanin shiga yake yi, alhali in Allah ya sa abin ya hau fitar ce zata fi girma.

Na ga alamar kwaɗo kusa da likwiditi, ance an kulle. Ba shikenan na tsira ba?

Ka tsira daga abu ɗaya ne kawai. Wanda ya zuba kuɗi a ful ana bashi wani tokin kamar rasit, da shi zai iya zuwa ya kwashe jakunkunan biyu duk lokacin da yaso, wannan shine asalin rog ful, ka wayi gari Liquidity ta koma dala 12. In an ƙone rasit ɗin, wato an tura shi adireshin da babu mai makullinsa, to ba mai iya kwashewa har abada. In kuma kullewa aka yi a wurare irin su UNCX ko Team Finance ko PinkLock, to akwai ranar buɗewa, kuma dole ka je ka duba ranar. Na sha ganin wanda aka kulle na kwana bakwai ana ta tallarsa da cewa likwiditi a kulle yake. Ka kuma duba kashi nawa aka kulle, 100% ne ko 40%.

Amma kullewar bata hana mai 5% ɗin can ya jibge maka. Misali duk koyin da ya fito daga pump.fun, wanda aka buɗe a Janairun 2024, yana zuwa da adadi biliyan 1, ba'a iya ƙara buga wani, kuma in ya kammala matakin farko ya koma ful mai shi baya iya janye likwiditin. A takarda komai tsaf. Duk da haka kullum ana kwashe mutane a can, saboda mai koyin ɗin da yaransa sun saye kaso mai tsoka a daƙiƙar farko da arha, basa buƙatar taɓa ful ɗin, sayarwa kawai zasu yi.

Akwai kuma wani nau'in ful, irin na Meteora da Uniswap v3, inda mai zuba likwiditi yake zaɓar tsakanin wane farashi da wane kuɗinsa zai yi aiki, har ma yana iya zuba koyin zalla ba SOL. A irin wannan maganar rabi da rabi bata aiki, lambar Liquidity tana iya zama babba alhali yawancinta koyin ne. Ka sauka ƙasa a DexScreener inda aka rubuta Pooled, zai nuna maka nawa ne koyin nawa ne SOL ko USDC, na biyun shine naka.

Yaya zan gane ko mutane kaɗan ne suka riƙe koyin ɗin?

Ka buɗe Holders a Solscan ko BscScan. Na farko a jerin yawanci ful ɗin ne da kansa ko adireshin ƙonawa, ka cire su daga lissafi. Sauran goma na sama ka haɗa kasonsu. In walet ɗaya ta haura 5%, ko goman sun haura 20% zuwa 25%, to ka koma kan lissafin da muka yi a sama ka ga me zai faru in biyu daga cikinsu suka tashi fita.

Sai dai masu wayo sun daina ajiyewa a walet ɗaya. Zai raba 30% a walet talatin kowacce 1%, kai kuma ka duba kace ai an rarraba da kyau. Anan Bubblemaps yake da amfani, yana zana walet ɗin kamar ƙwallaye yana ja layi tsakanin waɗanda suka taɓa tura wa juna kuɗi. In ka ga ƙwallaye da yawa a ɗaure da juna kamar carbi, to hannu ɗaya ne. Ko ba Bubblemaps ma zaka iya da kanka, ka danna walet biyar daga cikin manyan ka ga daga ina SOL ɗinsu na farko ya zo kuma yaushe suka saya. In duk an buɗe su rana ɗaya, walet ɗaya ce ta tura musu kuɗin, kuma sun saya a daƙiƙa ɗaya da buɗe kasuwa, ba sai an faɗa maka ba.

LIBRA shine babban darasi a nan. Ranar 14 ga Fabrairun 2025 shugaban ƙasar Ajantina Javier Milei ya wallafa adireshin koyin ɗin a X, maket kaf ya haura dala biliyan 4, cikin 'yan awanni ya zube da sama da 90%, shi kuma ya goge rubutun. Bubblemaps sun nuna cewa 82% na koyin ɗin yana gungu ɗaya. Wannan bayanin a fili yake a kan bulokcen tun ana tsaka da saye, amma sunan shugaban ƙasa ya hana mutane dubawa. Mu ma nan gida mun ga irinsa da koyin DAVIDO a ƙarshen Mayun 2024, ya hau ya faɗo da sama da 90%, har hukumar SEC ta Najeriya ta fito ta yi gargaɗi a kansa a watan Yuni. Babban suna yana kawo masu saye ne, baya sauya lissafin ful.

A kan cat ɗin kansa, yaya famfin da damfin yake kama?

Da farko ka bar kyandir na 1m, ka koma 15m ko 1h, ka matse cat ɗin har ka ga rayuwar koyin ɗin tun daga haihuwa. A 1m komai kamar yaƙi ake, ba zaka ga siffa ba.

Abinda na fi gani yana farawa ne da shiru. Layi a kwance na awanni ko kwanaki, ba hayaniya, ciniki ɗan kaɗan, a nan ake tarawa. Sai kwatsam kyandir kore biyu ko uku dogaye kamar turken wuta, babu labari babu dalili, kuma babu ja ko ɗaya a tsakani. Hawan gaskiya yakan hau ya huta, wasu su ci riba, ya sake hawa, kamar matakala. Wanda ya miƙe tsaye kamar bango to hannu ɗaya ne yake tura shi.

Bayan waɗannan kyandiran ne saƙo yake iso gurufanku. Ka gwada wannan ko sau ɗaya: ka duba lokacin da aka turo siginal ɗin, ka je cat ka nemo daidai wannan mintin. Sau da yawa zaka tarar koyin ɗin ya riga ya ninka sau uku ko biyar kafin a turo muku.

Daga nan sai wurin da ya fi muhimmanci, wato sama. Boliyom yana nan da yawa, har ma ya fi na kowane lokaci yawa, amma farashi ya daina gaba. Kyandirori suna fitowa da dogon tsinke a ka da ɗan ƙaramin jiki, ma'ana duk lokacin da aka tura sama akwai mai jira ya sauke kaya. In ka leƙa jerin cinikin da ke gudana a ƙasan cat zaka ga kore da yawa ƙanana, dala 20, dala 50, dala 35, sai ja ɗaya na dala 3,000, sai kore ƙanana kuma, sai wani jan na 2,500. Buys sun fi Sells yawa a ƙidaya, amma a kuɗi masu sayarwa ne suka fi. Wannan ita ce alamar da na fi yarda da ita duk cikin alamomin.

Sai faɗuwar farko, 40% ko 50%, a guruf ace dif ne ku ƙara saye. Ya ɗan farfaɗo amma bai kai tsohon samansa ba, ya sake faɗuwa ƙasa da inda ya tsaya ɗazu, ya sake ɗan tashi bai kai na biyun ba. In ka ga sama tana ta raguwa sau biyu a jere kuma boliyom yana bushewa, an gama rabon, waɗanda suka rage junansu suke sayar wa.

Ni kaina a haka aka ci ni. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya, wayata saura 9% ba wuta, aka turo wani koyin na BSC a wani guruf da nake ciki, na ga ya yi sau huɗu, na saka dala 150 ban buɗe Holders ba saboda ina tsoron kafin in gama dubawa ya wuce ni. Cikin minti ashirin walet ta nuna 260, na kife wayar na kwanta da niyyar in sayar bayan asuba. Da na idar da sallah na jona caji na buɗe, dala 11. Daga baya na zauna na bi cinikin ɗaya bayan ɗaya, walet huɗu ne suka sayar tsakanin ƙarfe biyu da uku, kuma duk huɗun daga adireshi ɗaya aka basu BNB kwana biyu kafin nan. Duba na minti biyar da ya nuna min wannan.

Boliyom ɗinsa dala miliyan 2 a rana, ba alamar mutane sun karɓe shi bane?

Ba lallai ba. Ana sayen boliyom kamar yadda ake sayen mabiya, bot ne yake saye yana sayarwa tsakanin walet ɗin mutum ɗaya don koyin ya hau jerin masu tashe. Ka kwatanta Txns, wato yawan ciniki, da Makers, wato yawan walet daban-daban da suka yi cinikin. Ciniki 30,000 amma Makers 200, ka san ba jama'a bane. Ka kuma kalli adadin, in kana ta ganin 0.1 SOL, 0.1 SOL, 0.1 SOL duk bayan daƙiƙa biyu, inji ne. Haka in boliyom ya ninka likwiditi sau hamsin amma farashi na tsaye wuri ɗaya.

Wani cat ɗin kore ne zalla, ko ja ɗaya babu. Wannan fa?

Wannan ka gudu. Babu kasuwar da kowa ke saye ba mai sayarwa sai in an hana sayarwar. Shi ake kira honifot, an rubuta kwantiragin yadda zaka iya shiga amma ba zaka iya fita ba, ko kuma harajin sayarwa ya kai 99%. SQUID haka ya yi a BSC a 2021, ya tashi daga 'yan santoci ya haura dala 2,800, mutane suna ta kuka sun kasa sayarwa tun kafin ƙarshe, ranar 1 ga Nuwamba masu shi suka kwashe sama da dala miliyan 3 farashi ya koma kusan sifili cikin mintuna.

In koyin na BSC ne ko Ethereum ko Base, ka saka adireshin a honeypot.is, zai gwada saye da sayarwa ya faɗa maka harajin kowanne. In na Solana ne ka saka a Rugcheck ka duba abu biyu. Mint Authority, in yana nan a kunne mai koyin zai iya buga sabo ya jibge a ful. Freeze Authority, in yana nan zai iya daskarar da koyin ɗin da ke walet ɗinka. Duk biyun ana so ace an soke su.

Nakan kuma sayi na dala biyu in sayar da rabi nan take in ga ya fita. Amma kar ka ɗauki wannan a matsayin hujja ta ƙarshe, in mai kwantiragin bai saki ikonsa ba zai iya barin haraji a 3% yau, gobe bayan an taru ya mayar dashi 90%, ko ya saka manyan walet a baƙin littafi. Waɗannan shafukan hoton wannan lokacin kawai suke ɗauka.

Ciniki na yana ƙin shiga sai na ɗaga silifej zuwa 30%, laifi ne?

Ka fara tambayar kanka me yasa yake ƙin shiga. Ko dai akwai haraji mai yawa a koyin ɗin, ko ful ɗin ya yi ƙanƙanta da kuɗinka, ko farashi na gudu da sauri saboda ana tsakiyar famfin, duk ukun kuma ba labari mai daɗi bane. Sannan silifej 30% izini ne ka bayar a sayar maka da tsadar da ta kai haka, akwai bot da aikinsu kenan, su ga cinikinka, su riga ka saye, kai ka saya da tsada, su sayar a kanka nan take.

To ni in shiga guruf ɗin masu famfin mana, in riga kowa saye in riga kowa fita?

Ba zaka riga su ba. Masu guruf ɗin sun saya tun kafin su sanar, 'yan guruf na kuɗi ana basu kafin ku, bot kuma yana saye cikin ƙasa da daƙiƙa, kai kana nan kana kwafar adireshi da netiwok ɗin da yake zuwa yana ɗaukewa. Lokacin da cinikinka zai shiga kai ne wanda ake jira.

Kuma ko da ace ka dace ka fita da riba, ka tuna lissafin ɗazu, daga jakar SOL ribar ta fito, kuɗin wani ne da ya shigo bayanka saboda an ce masa abin zai hau alhali kun san za'a zubar. Wataƙila ɗalibi ne da ya saka kuɗin rajista. Ni dai bana so a haɗa ni da wannan, kuma bana tura wa kowa adireshin koyin da nake riƙe dashi ba tare da na faɗa masa ina ciki kuma a wane farashi na shiga ba.

Na riga na shiga, yanzu na ga waɗannan alamomin. In jira ya dawo?

Ka manta da farashin da ka saya, ful bai san shi ba. Ka buɗe DexScreener nan take ka duba abu uku. Jakar SOL ɗin, tana ƙaruwa ko raguwa take tun jiya. Top Traders, waɗanda suka shiga da wuri sun gama sayarwa ko har yanzu akwai kaya a hannunsu, in akwai to akwai sauran faɗuwa a gaba. Sai manyan walet goman nan, ko akwai wadda ta fara rarraba koyin zuwa sababbin walet, domin yawanci shirin sayarwa kenan.

In biyu cikin ukun sun nuna ba daidai ba, ni fita nake yi ko da asarar rabi ce. Kuma kar ka dogara da sitof los, wato umarnin a sayar maka in farashi ya sauka zuwa wani mataki, a irin wannan kasuwar, faɗuwar 80% tana iya zuwa a ciniki ɗaya, babu farashin tsakiya da zai kama ka. In abinda kake riƙe dashi ya kai 3% na jakar SOL ko fiye, ka raba shi uku ko huɗu, ka duba Price Impact kafin kowanne, kuma ka tabbata ka bar ɗan SOL ko BNB a walet na kuɗin gas, don na ga wanda ya zuba komai a koyin har ya rasa na biyan fita yana kallo farashi na zubewa.